Yadda Ake Lissafin Kuɗin Abincin Yinin Biki Tun Kafin A Ɗora Tukunya

Duk wadda ta taɓa riƙe girkin biki ta san wannan lokaci na bayan la'asar da wata za ta matso ta raɗa miki a kunne cewa shinkafa ta ƙare, alhali dangin ango ba su ma iso ba. A take za a tura yaro shago ya auno a farashin da mai shago ya ga dama, a sake hura wuta, mai girki kuma ta ce aikinta ya ƙaru. Kuɗin da ake kashewa a wannan sa'a guda ya fi ciwo, domin babu ciniki a cikinsa. Kusan kullum tushen matsalar ɗaya ne: an ƙirga katin gayyata, ba a ƙirga bakunan da za su ci ba.

Zan bi da ke ta lissafin da muka yi na yinin bikin 'yar yayata a cikin birnin Kano, abinci iri ɗaya, dafa-dukar shinkafa da soyayyen nama da zoɓo. Farashin da za ki gani na misali ne, na daidaita shi don ya yi sauƙin ninkawa. Ki cire shi ki sa na kasuwarku a makon da za ki yi sayayya. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar lissafin.

Ƙirgen faranti

Ki samu littafi, ki zauna da uwar amarya da wata gwaggo ɗaya daga ɓangaren uba, wadda ta san kowa. Kada ki tambaye su mutum nawa za su zo, domin za su ce miki "ai ba za su wuce ɗari biyu ba", kuma da gaske suke. Ki riƙa tambaya gida-gida, rukuni-rukuni. Mu da muka yi haka, dangin uwa suka ba da mata 45, dangin uba 40, maƙwabta 35, ƙawayen amarya 30, ƙawayen uwarta na Islamiyya da na adashi 30, sai tawagar dangin ango 20. An samu mata 200 daidai, wato lambar da aka faɗa tun farko. Amma wannan rabin labarin ne.

Mata ba sa zuwa biki su kaɗai. A kan kowaɗanne mata biyu na sa yaro ɗaya mai cin abinci, ya zama yara 100. Yaro rabin faranti yake ci, don haka faranti 50. Sannan akwai 'yan rakiya, ƙanwar miji da aka ce ta zo ta raka, kishiya, baƙuwar da ta sauka a gidan maƙwabciya. Ga waɗannan na ƙara ɗaya bisa biyar na matan da aka gayyata, faranti 40. Idan a zauren taro ne mai ƙofa da mai duba kati, za ki iya rage wannan. Idan a tsakar gida ne cikin unguwa, kada ki rage, ƙila ma ki ƙara.

Sai maza. Wasu gidajen goro da alewa da dabino kawai ake rabawa wajen ɗaurin aure, a watse. Wasu kuma sai an fitar da abinci ƙofar gida. Ki tambayi uban amarya ƙarara wanne za a yi, tun da wuri, domin maza kan ce ba sai an yi musu komai ba, ranar kuma a aiko a ce abokan Alhaji sun zauna. Mu mun ware musu faranti 60.

Abin da aka fi mantawa shi ne aike. Akwai kular gidan ango, ta kakanni, ta maƙwabciyar da take jego, ta wadda take takaba, ta gidan liman. Mun lissafa kuloli 10, kowace tana cin kimanin faranti biyar, ya zama 50. Daga ƙarshe masu aiki su goma, kowa ci biyu, faranti 20, da almajiran da babu makawa za su tsaya a ƙofa, kuma bai dace a kore su hannu wofi ba, faranti 30.

Ki haɗa: 200 da 50 da 40 da 60 da 50 da 50. Faranti 450 ke nan, daga gayyatar mutum 200. Wannan lamba ki zagaye ta da biro, domin duk abin da zai biyo baya daga ita yake fitowa.

Daga faranti zuwa awo

A nan ne nake roƙon ki yi wani abu da mutane ke gani kamar ɓata lokaci. Mako biyu kafin biki, ki sayo kwano ɗaya na ainihin shinkafar da za ki yi amfani da ita, ki dafa ta dafa-duka don abincin gida, ki zuba a irin robar ko farantin da za a raba a ranar, da irin cokalin da za a zuba, ki ƙirga. Dalili shi ne shinkafa ba iri ɗaya take kumbura ba. Tsohuwa wadda ta bushe sosai ta fi auki, sabuwar girbi tana caɓewa kuma ba ta cika tukunya. Haka ma awo ya bambanta daga gari zuwa gari, mudun wani wuri rabin kwanon Kano ne, tiyar wani wuri ta ɗan ɗara. Gwaji ɗaya ya fi tambayar mutum goma.

Namu kwanon ya ba da faranti 20. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kwano 20, wato kilo biyu da rabi kowanne, don haka faranti ɗaya ya tashi a giram 125 na ɗanyar shinkafa, buhu kuma faranti 400. Faranti 450 na buƙatar kwano 22 da rabi. Amma babbar tukunya a kan itace sai ta yi ƙanzo, ana zubarwa wajen kwashewa, mai rabo kuma hannunta yana nauyi idan ta ga 'yar'uwarta. Saboda haka na ƙara kimanin ɗaya bisa goma, muka tsaya a kwano 25, buhu guda da kwano biyar. Idan kwano naira 3,000 ne, shinkafa ta ci naira 75,000.

Nama shi ne inda kuɗi yake, kuma shi ne inda ake yawan cutar kai. Ba a lissafa shi da kilo tukuna, da yanka ake farawa. Kowane faranti yanka ɗaya, 450. Manyan baƙi da dangin ango yanka biyu, ƙarin 60. Sai abin da ke narkewa a tukunya da wanda ake ɗanɗanawa, na sa 30. Yanka 540 ke nan. Yanzu ki je wurin mahauci ki ce ya yanka miki kilo ɗaya a gabanki, daidai girman da kike so, ki ƙirga. Ki tuna nama yana ƙanƙancewa bayan an tafasa an soya, abin da ya yi miki kyau ɗanye zai iya komawa abin kunya a faranti. Mu mun tsaya a yanka 12 cikin kilo, har da ɗan ƙashi. Idan aka raba 540 gida 12, an samu kilo 45. A naira 6,000 kowane kilo, naira 270,000.

Za a samu mai ba ki shawarar ku je kasuwar Wudil ranar Juma'a ku sayo sa, ya fi araha. Yakan fi, amma ki yi lissafinsa da ido buɗe. Sa idan an feɗe, an cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ke saura kusan rabin nauyinsa ne, kuma da ƙashi a ciki. Sai ki ɗora kuɗin mota, la'adar dillali, ladan mahauta, da wurin ajiye naman idan babu wuta. Don kilo 45 kawai ban ga ribar wahalar ba. Idan kuwa naman zai ratsa kamu da yini da walima da abincin baƙi, to sayen dabba a tsaye yana da hujja, ga kayan ciki da kai da ƙafa sun zama farfesun masu kwana.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani. Man gyaɗa, ina sa kimanin lita ɗaya ga kowane kwano biyu na shinkafa, ya zama lita 12 ko 13, suyar nama ta ci kamar takwas, don haka jarka mai lita 25 ta wadatar har da ragowa, naira 65,000. Tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga 'Yankaba, naira 60,000. Wannan shi ne layin da ya fi rawa, domin a hunturu lokacin kayan lambu yana arha, daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina kuma kwandon tumatir na iya ninkawa, sai a koma ga na gwangwani ko busasshe. Ɗunƙule, gishiri, kori, citta, tafarnuwa da sauran kayan ƙamshi, naira 25,000. Abincin kansa ya tashi naira 495,000.

Ruwan leda guda 20 ne a jaka. Leda biyu ga kowane faranti ya zama 900, jaka 45, a naira 400 ya kama 18,000. Zoɓo da sukari da ƙanƙara, 30,000. Robobin zuba abinci da cokula guda 300, tun da kuloli da yara da masu aiki da almajirai ba sa buƙata, 30,000. Jimilla zuwa nan naira 573,000.

Wuta

Yawancin mutane sukan ce kawai "a kawo itace", in ya ƙare a ƙaro. Akwai hanyar da ta fi: ki ƙirga sau nawa za a ɗora tukunya. Ki tambayi mai girki kwano nawa tukunyarta ke ɗauka ba tare da saman ya yi tsatsa ƙasan ya ƙone ba. Ta mai girkinmu tana ɗaukar kwano biyar, don haka shinkafa ɗori biyar ce. Tafasa nama ɗori biyu, suya biyu, soya markaɗe ɗaya, zoɓo ɗaya, ruwan zafi na wanke shinkafa da kwanuka ɗaya. Ɗori 12.

Sai ki tambaye ta dami nawa ɗori ɗaya ke ci, kuma ki nuna mata irin damin da mai itacen unguwarku ke ɗaurewa, domin dami suna ya tara. Ta ce biyu. Ya zama 24, na ƙara shida saboda iska da kuma wutar da ake bari tana ci tsakanin sauke wannan da ɗora waccan. Dami 30 a naira 1,000, naira 30,000. Ki duba itacen da kanki. Busasshe yana da tsagewa a bakinsa, bai cika nauyi ba, in an buga biyu sai su yi ƙara. Ɗanye yana da nauyi, yana kumfa a gindi in an sa shi a wuta, hayaƙi ya cika gida, kuma zai sa shinkafar ƙarfe biyu ta kai la'asar. Idan bikin damina ne, ki saya da wuri ki jibge a ƙarƙashin rufi. A hunturu kuma a kare murhu da tsohon kwanon rufi ta ɓangaren da iska ke bugowa, wannan kaɗai yana rage cin itace sosai.

Idan gas za a yi amfani da shi, lissafin da awa ne. Babban murhun gas irin na masu abincin sayarwa na iya cin kusan kilo ɗaya a awa in an buɗe shi sosai. Ɗori 12, kowanne awa ɗaya da rabi, awa 18 ke nan, don haka tukunyar gas mai kilo 12.5 guda ɗaya ba za ta kai ba, sai biyu. Kuɗin kan zo kusa da na itace, sai dai ga hayar murhu. Gawayi yana da kyau ga miya da ɗumame, amma ga tukunya mai kwano biyar yana da jinkiri.

Wannan ƙirgen ɗori yana gaya miki wani abu kuma: murhu nawa kike buƙata. Awa 18 a murhu ɗaya ba zai yiwu ba. A murhu uku awa shida ne, kuma idan an soya nama an dafa zoɓo tun daren jajibiri, aka fara shinkafa da hantsi, za a gama kan lokaci. Kada a dafa duka da asuba a toshe a kula, domin dafa-duka mai mai da tumatir tana saurin lalacewa a zafin garin nan. Tukunya biyu na ƙarshe su sauka dab da isowar mutane.

Masu aiki

'Yan'uwa za su ce za su taya, kuma za su taya har zuwa lokacin da mai lalle ko mai kwalliya ta iso. Daga nan kowa ta shiga wanka. Saboda haka duk aikin da in an bar shi biki zai tsaya, ki sa wanda ake biya a kansa.

Mun ɗauki babbar mai girki a naira 40,000, da mataimakanta uku a 10,000 kowace. Masu wanke-wanke biyu a 6,000 kowace. Saurayi ɗaya mai faskare da iza wuta da ɗaga tukunya, 5,000. Masu rabo biyu a 5,000 kowace, kuma da gangan muka ɗauko waɗanda ba 'yan dangi ba, saboda bare ba ta jin nauyin ce wa gwaggo yanka ɗaya aka ce. Ɗan garuwa ya kawo kura uku, jarka 12 kowace, a naira 250, ya zama 9,000. Markaɗe 4,000. Kuɗin motarsu da sabulu da omo da soson ƙarfe, 10,000. Duka naira 120,000.

Wajen ciniki da mai girki ne ya kamata ki zauna ki nutsu. Ki tambaye ta ko kuɗin nata ya haɗa da na yaranta, ko da tukwanenta da muciya da matsami za ta zo, ko aikin daren jajibiri yana ciki, da kuma nawa za a ƙara mata in an ƙara tukunya. Ku yi maganar ragowar mai da ƙanzo da ɗan abin da za ta tafi da shi gida, domin al'ada ce, kuma in an faɗa tun farko ba ya zama zargi. Mu a wani bikin baya ba mu yi wannan magana ba, aka tashi da ɓacin rai a kan rabin jarkar mai, abin da kalma biyu za su kashe. Ki ba da kafin alƙalami kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran bayan an wanke tukwane, a gaban shaida. Idan bikin ya faɗo a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son kai amarya kafin azumi, ko makonnin bayan sallah, ki kama ta da wuri, don a lokacin masu girki na kirki suna wuya kuma kuɗinsu yana hawa.

Sai haya da dako. Tukwane da kuloli da manyan bahuna 20,000, rumfa biyu da kujeru 100 naira 45,000, Adaidaita da 'yan dako daga Singa da 'Yankaba zuwa gida 12,000. Naira 77,000. Ki ƙirga kujeru da kuloli a gaban mai su lokacin saukewa, domin abin da ya ɓace ko ya karye ke za ki biya.

Haɗawa, da abin da lambar ke gaya miki

Abinci da abin sha da robobi 573,000, itace 30,000, masu aiki 120,000, haya da dako 77,000. Naira 800,000. A kan wannan ki ɗora ɗaya bisa goma na ko-ta-kwana, 80,000, ki riƙe shi a hannunki daban, kada ya shiga jakar cefane. Idan tsakanin lissafi da biki ya wuce wata biyu, ki sake zagaya kasuwa, don tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya ga yadda farashi ke iya sauyawa cikin 'yan makonni. Jimilla naira 880,000, wato faranti ɗaya ya kusa naira 2,000.

Wannan lamba ta faranti ɗaya ita ce ma'auninki idan mai kwangilar abinci ta zo da nata farashin. In ta ce 2,500, ki tambaya ko da ruwa da roba da masu rabo a ciki, da girman yankan namanta, sannan ki ninka da 450, ba da 200 ba.

Idan kuɗin ya fi ƙarfin gida, lissafin zai nuna miki inda za a taɓa. Rage faranti 100 ba zai rage kuɗin rumfa ko na mai girki ba, abinci da abin sha da robobi kawai zai taɓa, kimanin naira 127,000. Nama kuwa shi kaɗai ya ci kashi ɗaya cikin uku na 800,000 ɗin. In aka koma yanka 15 a kilo, kilo 36 ya isa, an tsira da naira 54,000. Ni dai na fi son a rage girman yanka ko a bar rumfa ɗaya da a rage shinkafa, domin ƙaramin nama ba ya hana mutum ƙoshi, amma wadda ta zo ta tarar da tukunya a kife za ta daɗe tana faɗa. Gudunmawa kuma, buhun da kawu ya yi alƙawari ko jarkar man da ƙawaye suka ce za su haɗa, kada ki cire ta daga lissafi sai ta shigo ɗaki kin gan ta.

Saura shafi guda da ya kamata ya tsaya shi kaɗai, na baƙi masu kwana. Mu mutum 25 suka zo daga ƙauye da Kaduna da Maraɗi, suka yi kwana uku, ci uku a rana. Faranti 225 ke nan, rabin na yinin bikin gaba ɗaya, kuma babu wanda ya kawo shi a zancen farko. Abincinsu ya fi sauƙi, koko da ƙosai ko shayi da burodi da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da miyar kuka da dare, don haka na sa naira 800 kowane faranti, ya zama 180,000. Da shi lissafin ya kai naira 1,060,000. Ki saya musu nasu kayan daban, ki ajiye a wani ɗaki daban, kayan yini kuma a kulle su, makulli a hannun mutum ɗaya. In ba haka ba, kwano ɗaya yau, ludayin mai biyu gobe, dami uku na ruwan wanka, ranar yini mai girki za ta buɗe buhu ta tarar da kwano 19 a inda kika rubuta 25.